Taron da Babu Diber

Duk wanda ya taɓa shiga buro, wato ofishin Ƙungiyar Raya Fako a Keita, ya san Shafa'atu Hamidu, ko da bai riƙe sunanta ba. Ita ce sakatarya, mai teburin bakin ƙofa, wadda kullum ordinatarta, wato kwamfutarta, ke lulluɓe da tsohon ɗankwali in ba aiki take ba. Baƙi suna yaba haƙurinta, su ce ba su taɓa jin ta ɗaga murya ba. Masu faɗin haka ba su san ta ba. Shafa'atu tana da riƙo irin wanda ba ya tsufa, kuma mutum ɗaya ta riƙa, Alhaji Lawali mai albasa na Madawa.

A Garin Jima aka haife ta, wani ƙauye da ke gindin tsauni a gabas da Keita. Sunan kakarta aka sa mata, shi ya sa mahaifinta Hamidu bai taɓa kiran sunan ba, sai dai ya ce Uwata. Ta buɗe ido ta tarar mutanen garin suna fama da wani fako da ke bisa tudu, ƙasa mai tauri da ko tsiron ƙaya ba ta yarda da shi. Mata suna ɗauko duwatsu a ka suna jera su layi-layi don tare ruwa, maza suna haƙa ramukan rabin wata, ana dasa bagaruwa da akwara. Hamidu ne shugaban kwamitin da ke kula da wurin. Ba shi da boko ko kaɗan, amma ya san kowane icce da ke fakon, kuma in damina ta faɗi ciyawa ta rufe inda dā ba komai, har wani taku yake canjawa don jin daɗi.

Tana kolej a Keita abin ya faru. An kira babban taro a zauren ƙungiyar, da baƙi daga Tawa da Yamai, aka gayyaci Hamidu. Ya zo da rigarsa ta sallah, da ƙunshin gero da kuka da zai bar mata. Ita kuwa ta fito daga lakkwal, an tashi karatu, ta tsaya jikin taga tana jiransa, har tana alfahari da ganinsa cikin masu manyan riguna. Taron ya yi ta jan jiki kamar yadda tarukanmu suka saba, gaisuwa ta ci hantsi, jawabin godiya ya ci azahar. Da la'asar ta kawo jiki shugaban taro ya kai layin ƙarshe, wanda Faransanci ke kira diber, wato sauran batutuwa, inda kowa ke iya jefo abin da ya ga dama ba tare da ya sanar da kowa ba.

Nan Alhaji Lawali ya miƙe. Ɗan Garin Jima ne shi ma, amma albasa ta kai shi Madawa ta yi masa riga. Ya gyara murya, ya ce ba ya son tona asirin ɗan'uwa, amma amana ta fi zumunci. Ya ce shanu sun shiga fakon sun cinye dashen shekara biyu, kuma Hamidu ne ya buɗe musu hanya don wata alfarma da makiyaya suka yi masa. Ya faɗa da Hausa, ya maimaita da Faransancinsa na kasuwa don baƙi su ji da kyau.

Garin Jima kaf an san shanun na Alhaji Lawali ne. Amma Garin Jima ba ya cikin zauren. Hamidu ya miƙe, ya cire hula ya mayar, ya buɗe baki yana neman ta inda zai fara. Direbobin baƙi sun riga sun tada motoci a waje, don hanyar Tawa ba ta son duhu. Shugaban taro ya dubi agogo ya ce, "Malam Hamidu, yi haƙuri, lokaci ya ƙure." Aka shafa fatiha, aka watse, aka bar shi tsaye.

Shafa'atu ba ta manta yadda ya fito ya miƙa mata ƙunshin geron bai dube ta ba. Ba a daɗe ba aka rushe kwamitin, aka ɗora Alhaji Lawali, aka ce shi mai hali ne, ba zai ci amana ba. Ya kewaye rabin fakon da waya, ya ce kariya ce, ya zuba shanunsa ciki. Hamidu bai ƙara hawa tudun ba, bai ƙara zama inda ake taro ba ko da na ɗaurin aure ne, sai dai ya yi addu'a daga bakin ƙofa ya juya. Yaran da aka haifa daga baya sun taso suna jin ana ce masa wanda ya sayar da fako, suka ɗauka laƙabi ne kawai.

Ita kuwa ta ci gaba da karatu da wannan abu a ƙirjinta. Ta yi lise, babbar sakandare, a Tawa, ta koyi aikin sakatarya, ta yi aure, ta haifi 'ya'ya biyu, ta yi ɗan aiki a wata ƙungiyar manoma a Buza. Da ta ji ana neman sakatarya a Raya Fako ta ajiye komai ta nema. Mijinta ya ce albashin bai kai na Buza ba, ta ce iskar Keita ta fi karɓar ta. Ranar da ta fara aiki ta shiga zauren taron ita kaɗai, ta dubi tagar nan daga ciki.

Ta sami Alhaji Lawali yana nan yadda ta bar shi, sai ƙarin tumbi. Har yanzu shi ne shugaban kwamitin Fakon Jima, kuma ya iya taro kamar yadda wasu suka iya noma. Ba ya zuwa sai kowa ya zauna, don a miƙe a gaishe shi. In ya shigo sai an sake gaisuwa daga farko, ya tambayi kowa iyali da gajiya, ya ba da labarin tafiyarsa Makka. In an matso kusa da maganar fakon, sai ya tuna da wata ta'aziyya da ya kamata a yi wa wani. Abin da yake son faɗa kuwa ya adana shi sai diber, lokacin da idon kowa ke kan ƙofa, ya jefa ya kama gabansa.

Bai gane ta ba sam. A watanninta na farko ta kira shi a waya don ta sanar da shi wani taro, kamar yadda ake yi wa kowa, domin a nan mel, wato saƙon imel, ba ya tafiya shi kaɗai. Rezo, wato sabis na intanet, yana zuwa yana ɗaukewa, mutane da yawa ba sa buɗe akwatinsu sai an ce musu su buɗe, saboda haka kowace sakatarya ta san in ta aika sai ta bi da kira. Ranar taron Alhaji ya tsaya a gaban teburinta, gaban direbobi da mai gadi, ya ɗaga wata ƙatuwar waya.

"Ke ɗiyag ga, ke ta kik kirai ni?"

"Ni ta, Alhaji."

"To kar ki ƙara. Ni ba ɗan ƙauye na ba da za a bi da kira kamar mai bashi. Ina da mel kamar manyan Yamai. Ki aiko ta nan, ina gani."

Ta ce, "To, Alhaji, in Allah ya so ba ni ƙarawa." Ta cika alkawari kuwa. Daga ranar duk abin da ta aika masa, kafin ta ɗauke hannu daga ordinatar amsa ta dawo, "Bien reçu", wato saƙo ya iso. Ta lura wayar ce ke kawo masa kalmomin a ƙasan saƙo, shi dannawa kawai yake yi. Wata rana an ɗage taro, ta rubuta a layin farko, ya amsa ya iso, ya kuma tuƙo mota tun daga Madawa ya tarar da zaure a kulle. Shafa'atu ta ba shi haƙuri har da russunawa, ta ajiye abin da ta gani a ranta.

Damar ta zo ne ta hannun wata Madam Mariyatu, wakiliyar masu ba da tallafi daga Yamai. Suna son su sake zuba aiki a Fakon Jima, amma sai an yanke wanda zai riƙe wurin. Sau biyu tana zuwa Keita, sau biyu tana komawa da ciwon baya da hoton taro, ba a yanke komai ba. Ta kira darektan ƙungiyar, Mushe Abdoulkadir, wato Malam Abdoulkadir a bakin masu Faransanci, ta ce in na uku ya tafi haka za su kai aikin wani wuri. Mushe Abdoulkadir mutum ne mai gudun rigima, ya fito daga buronsa yana share zufa, ya tsaya kan Shafa'atu.

"Madam Shafa, ƙaƙa za mu yi da tarukan ga namu? Mutane su taso tun daga Yamai su zo su sha lemu su koma."

Ta ce, "Mushe, baƙi suna zuwa ba su san mi za a yi ba, shi ya sa kowa ka jan taro inda shika so. Mu aika musu ajanda tun da sauran kwanaki. Kowa shi san abin da za a yanke, da wanda zai magana, da abin da zai kawo. Mai ƙarin batu shi aiko kahin ranar. Diber kuwa mu hidda shi."

"A hidda diber? Ana taro babu diber?"

"Diber na ka cinye muna la'asar, Mushe."

Ya tuna muryar Madam Mariyatu, ya ce ta rubuta ya gani.

Shafa'atu ta rubuta wasiƙu da yawa a rayuwarta, amma babu wadda ta zauna wa kamar wannan. A kan saƙon ta sa sunan taron da rana da wuri, yadda mai duba waya a tasha zai gane ba sai ya buɗe ba. Layin farko ya faɗi dalilin taron kai tsaye, za a yanke wanda zai riƙe Fakon Jima, kuma ba za a tashi ba sai an yanke. Ba ta maƙala ajandar a wata takarda daban ba, ta zuba ta cikin jikin saƙon, don ta san rezon Adar ba ya son kaya masu nauyi. Batu huɗu ne, kowanne da sunan mai shi da mintocinsa. Na farko, Alhaji Lawali zai ba da bayanin yadda ya riƙe wurin. Na biyu, jami'in gandun daji zai faɗi halin da fakon ke ciki, ana roƙon ya leƙa wurin ya zo da hotuna. Na uku, tsohon shugaban kwamiti, Malam Hamidu, zai faɗi abin da ya sani, yana iya zuwa da shaida. Na huɗu, shawara. A ƙasa ta rubuta cewa za a fara a kan lokaci ko wa ya makara, za a tsaya sallar azahar, mai son ƙara batu ya aiko kafin Alhamis, kuma babu diber.

Mushe Abdoulkadir ya karanta, ya tsaya a na uku, ya ɗago kai. "Hamidun ga ba babanki na ba?"

"Shi na, Mushe. In ka ga bai dace ba a hidda shi. Amma shi ad da kwamitin kahin Alhaji, kuma Madam ta ce tana son jin tarihin wurin."

Ya juya biro a hannu, ya ce gaskiya ne, a bar shi. Ta aika daga adireshin ƙungiya, da darekta a kwafi. Amsar Alhaji Lawali ce ta fara shigowa, kafin ma ta gyara zama. Ta dubi kalmomin nan biyu, wani daɗi mai ɗaci ya sauko mata har ciki.

Sannan ta ɗauki waya. Ta kira jami'in gandun daji, ta kira sakataren hukumar filaye, ta kira wakilin magajin gari, ta kira Madam Mariyatu, kowa ta karanta masa batunsa ta tambaye shi ko lokacin ya ishe shi. Ana gobe taro ta sake aika tunatarwa, Alhaji ya sake dannawa. Da darekta ya tambaye ta ko kowa ya samu, ta ce kowa ya amsa, kuma ba ƙarya ta yi ba. Mutum ɗaya ne ba ta kira ba, shi ne ya hana da bakinsa gaban shaidu.

Mahaifinta ba shi da mel, don haka ta hau kabu-kabu ranar hutu ta kai masa da kanta. Ta same shi yana tufka igiya a inuwar rumbu, ta durƙusa ta karanta masa da Hausa. Ya saurara bai daina tufka ba.

"Uwata, ni na gama da zaure."

"Baba, sunanka na rubuce, da lokacinka. Babu mai ce maka ya ƙure sai ka cinye shi."

"Shi ya san ina zuwa?"

"An aika mishi kamar kowa, ya ce ya iso."

Tsohon ya ajiye igiyar. Ya daɗe yana kallon tudun, sannan ya tambaye ta ko Maiguwa yana raye. Maiguwa shi ne makiyayin da ke kiwon shanun Alhaji Lawali a wancan lokacin, sun rabu ba daɗi, ya koma wajen Buza. Washegari Hamidu ya shiga motar kasuwa ya tafi nemansa.

Ranar taro Shafa'atu ta jera kujeru da kanta, ta ajiye kwafin ajanda a gaban kowace, ta sa wa Alhaji tasa a sahun gaba. Baƙi suka zo da wuri, don kowa ya san da aikin da ke jiransa. Lokaci na cika Mushe Abdoulkadir ya dubi kujerar Alhaji, ya dubi ƙofa, ya so ya ce a ɗan jira. Madam Mariyatu ta ɗaga takardar ta nuna masa layin ƙasa da yatsa. Aka yi fatiha, aka karanta ajanda da Faransanci da Hausa, aka tambaya ko akwai gyara, babu, aka amince da ita. Aka kira batu na farko, mai shi ba ya nan. Aka ɗan dakata, aka wuce.

Jami'in gandun daji ya haska hotunansa a bango. Ga wayar da ta raba fakon biyu, ga kututturan bagaruwa da aka sare, ga layukan duwatsun da mata suka jera sun watse ƙarƙashin kofato, ga shanu sun yi ƙiba suna kallon mai hoto. Bai zagi kowa ba, ya faɗi abin da ya gani ya zauna. Aka kira Malam Hamidu.

Ya miƙe cikin rigar sallah, ba waccan ba, amma Shafa'atu waccan ta gani. Wannan karon bai nemi ta inda zai fara ba, ya kwana da maganarsa ya tashi da ita. Yana cikin bayanin yadda aka fara dashen sai ga ƙamshin turare, sai ga Alhaji Lawali ya cika ƙofa da babbar riga da sallama mai ƙarfi, hannu a miƙe yana jiran a taso. Aka amsa sallamar ƙasa-ƙasa, babu wanda ya motsa. Shafa'atu ce ta taso, ta russuna, ta raka shi kujerarsa, ta ɗora masa ajanda a cinya. Ya dubi bango ya ga shanunsa. Ya dubi mai magana ya ga Hamidu.

Hamidu ya ce, "Shekarun baya an ce cikin zauren ga ni nib buɗe ma shanu hanya. Ban samu na ba da amsa ba. Ga wanda yak koro shanun, ku tambaye shi na wa na."

Maiguwa ya miƙe daga baya, dogo, da sanda. Ya ce shanun Alhaji ne, shi ya kora su, kuma Alhaji ne ya ce ya kai su can tunda ciyawar banza ce. Ya ce Hamidu ya zo ya kore su har sau biyu, har suka yi cacar baki. Ya ce da an tambaye shi tun lokacin da ya faɗa, ba a tambaye shi ba ne.

Alhaji Lawali ya zabura. "Wagga ƙarya ta! Ku bari in yi magana!"

Mushe Abdoulkadir ya ce, "Alhaji, lokacinka na na hwarko, mun kira ba ka nan. Yanzu na Malam Hamidu na."

"Wane lokaci? Wa yag gaya mini?"

Darekta ya juyo ga sakatarya. Shafa'atu ta ce, a hankali yadda kowa zai ji, "An aika ma Alhaji ta mel kamar yadda yac ce a riƙa yi. Ya amsa sau biyu ya iso."

Wani daga baya ya yi tari don ya rufe dariya. Alhaji ya koma ya zauna, ya harɗe hannuwa, ya gyara hula. Shafa'atu ta san abin da yake jira, kuma wannan sanin ya fi mata komai daɗi a ranar. Ya bari aka yi azahar aka dawo. Ya bari aka tattauna na huɗu yana murmushin wanda ya adana wani abu. Aka yanke a cire wayar, a mayar da fakon hannun taron gari su zaɓi sabon kwamiti, hukumar filaye ta sa ido, a dawo bayan wata guda a ji inda aka kwana. Darekta ya rufe takardarsa ya nemi a yi addu'a.

Alhaji ya miƙe. "Saura diber. Ina da magana ga diber."

"Babu diber yau, Alhaji. Shina rubuce."

Ya dubi takardar da ke cinyarsa a karon farko. Ya buɗe baki, ya dubi baƙi suna tattara jakunkuna, ya fara wata magana da ba ta da kai. Shafa'atu ta zo karɓar kwalaben ruwa, ta tsaya dab da shi, ta ce da ladabin da ba a iya kama ta da laifi, "Alhaji, yi haƙuri, lokaci ya ƙure." La'asar ba ta ko yi ba baƙi suka kama hanyar Tawa, Madam Mariyatu tana cewa ba ta taɓa ganin taro mai kyau irin wannan a Adar ba.

Shafa'atu ta ɗauka an gama. Ta yi sati tana tafiya kamar an sauke mata tulu daga ka. Sai labari ya fara dawowa daga Madawa ta bakin direbobin albasa. Alhaji yana bin rumfuna yana cewa an haɗa masa tarko, ɗiyar Hamidu ce sakatarya, an hana shi magana, da an ba shi minti biyu da ya wanke kansa. Wasu a Garin Jima ma sun fara gyaɗa kai, suna cewa ai ba a ji ta bakinsa ba.

Ta je gida ranta a ɓace, tana cewa a bar shi ya yi ta haushi. Ta tarar da mahaifinta ya sauko daga tudu, ƙafafunsa duk jar ƙasa. Ya saurare ta har ta gama.

"Uwata, kin ba shi wurin ɓoyo. Ni na san abin da mutum ka cewa in an hana shi magana, na shekara nawa ina hwaɗa ma kaina. Bambancin, ni ina da abin cewa."

"To mi za a yi, Baba?"

"Taron ga mai zuwa, ki sa shi na hwarko. Ki ba shi lokaci wanda yaf hi na kowa. Shi zo da shaidunai duka. Kuma ki kira shi, ki karanta mishi da bakinki, kar shi ce bai gani ba."

Ta dubi tsohon da ta ɗauka shekaru sun kwantar masa da zuciya, ta ga ashe a wurinsa ta gado riƙon, kuma nasa ya fi nata nisa.

Darekta ya amince nan take, don shi ma maganar ta dame shi. Ta rubuta ajanda ta biyu. Batu na farko, Alhaji Lawali zai ba da amsa kan maganar shanu da waya, rabin awa cur, yana iya zuwa da duk shaidar da yake so. Ta aika wa kowa, sannan ta kira shi gaban darekta ta buɗe muryar wayar.

"Alhaji, ina wuni. Shafa'atu ta, ɗiyar Hamidu. Ka gahwarce ni, na san ka hana kira. Baba na yac ce in karanta maka." Ta karanta masa layi-layi ba gaggawa. "Rabin awa ta ishe ka, ko a ƙara?"

Aka ji numfashinsa da hayaniyar kasuwa a bayansa. Ya ce ya ji. Wannan karon mel ɗin bai sami amsa ba.

Ranar taron zauren ya cika har taga, don mutanen Garin Jima sun zo da kansu, mata da maza. Hamidu yana sahun gaba, kusa da kujerar da Shafa'atu ta manna wa takarda da sunan Alhaji Lawali. Aka yi fatiha, aka amince da ajanda, darekta ya kira batu na farko. Shiru. Ya sake kira, mai gadi ya leƙa waje ya dawo ya girgiza kai. Darekta ya ce to a wuce na biyu.

Hamidu ya ɗaga hannu. "Mushe, lokacinai na. Rabin awa anka rubuta. A bar mishi abinai, kar a ce mun ƙware shi."

Babu wanda ya iya musa wa tsohon. Aka zauna. Fanka tana juyawa, wani jariri ya yi kuka aka ba shi nono, mutane suna duban kujerar suna duban ƙofa, tun suna raɗa har suka daina. Shafa'atu ta ajiye agogonta a kan tebur, ba ta rage wa Alhaji ko daƙiƙa ba. Da ya cika ta ɗago kai, mahaifinta ya gyaɗa mata, ta ɗauki biro ta rubuta a rahoton taro cewa an ba Alhaji Lawali lokacinsa duka, bai zo ba.